Mataki ɗaya a shafi ɗaya: yadda ake yanka darasi a jerin hotuna

*Salamu alaikum Yaya. Ina da ɗan shagon gyaran waya a Computer Village, Ikeja. Mutanenmu na Agege da Mile 12 kullum ana ƙwace musu WhatsApp, shi ne na haɗa jerin hotuna biyar a Instagram na koya musu yadda ake sa lambar sirri ta biyu. An yaba, an tura wa juna, amma har yau kirana ake yi ana cewa "na maƙale". Wani ya ce in sake shi, kowane shafi aiki ɗaya tak. To ina aiki ɗaya yake farawa, ina yake ƙarewa? Kuma shafuka ba za su yi yawa ba?*

Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya ba ka shawarar nan ya faɗi daidai, sai dai bai ba ka ma'aunin da za ka yi yankan da shi ba, kuma duk wahalar a nan take.

Ka fara da kallon mutumin da kake koya wa. Waya ɗaya ce a hannunsa. A cikinta yake karanta darasinka, a cikinta kuma zai yi aikin. Zai karanta shafi, ya fita daga Instagram, ya shiga WhatsApp, ya taɓa abin da ka ce, ya dawo. A tsakanin fita da dawowar nan ba ya ganin hotonka, abin da ya riƙe a ka kaɗai yake tafiya da shi. Ga shi a bakin rumfa, ana sauke buhunan albasa, wani yana tambayar kuɗin kwando, mai mota yana ta hon. Saboda haka ni ga yadda nake auna aiki ɗaya: shi ne abin da mutum zai iya ɗauka a kansa a fita ɗaya, ya aikata, allon wayarsa ya canja ya tsaya a wani wuri, ya dawo ya gwada da hotonka ya ga ya yi daidai. Duk inda allo ya canja ya tsaya, nan ne bakin shafi.

Kai da ka saba, abin duka aiki ɗaya ne a wurinka, don yatsanka ya haddace hanya. Shi ya sa gwani ya fi kowa cushe shafi. Maganin shi ne kada ka buɗe manhajar zane irin Canva tukuna. Ɗauki takarda da biro, ɗauki waya ta biyu, ka yi aikin a hankali kana rubuta duk abin da yatsanka ya yi, layi ɗaya ga kowace taɓawa. Bayan ka gama, ka bi layukan kana neman kalmomin nan: "sannan", "sai kuma", "bayan haka", "daga nan". Duk layin da ɗaya daga cikinsu ta shiga, aiki biyu ne suka haɗu, nan za ka sa wuƙa. Na tabbata in ka koma shafinka na biyu za ka samu wani abu kamar "shiga Settings sannan Account sai kuma Two-step verification". Allo uku ke nan a hoto ɗaya. Mutum zai tuna na farko, wataƙila na biyu, na uku kuwa dogon suna ne na Turanci, kafin ya isa ya ɓace masa. Nan suke maƙalewa su kira ka.

Bari mu bi darasinka a wayar Android mu gani. Mutum ya buɗe WhatsApp, ya taɓa ɗigo uku da ke sama a dama, ya zaɓi `Settings`. Ya taɓa `Account`. Ya taɓa `Two-step verification`. Ya taɓa `Turn on`. Ya rubuta lamba shida da ya zaɓa wa kansa. Ya sake rubuta ta. Ya rubuta imel ɗinsa. Ya tabbatar da imel ɗin ya adana. Mataki takwas ke nan, kuma za ka lura na haɗa ɗigo uku da `Settings` wuri ɗaya duk da cewa taɓawa biyu ce. Dalili shi ne ɗan akwatin da ɗigo ukun yake buɗewa ba wurin tsayawa ba ne. A wasu wayoyin da zarar ka fita ka dawo ya rufe, sai mutum ya tarar da abin da bai yi kama da hotonka ba, ya ɗauka ya ɓata wani abu. To tambayar da za ka riƙa yi a kowace gaɓa ita ce: in ya tsaya a nan, ya tafi ya dawo, zai tarar da allon yadda ya bar shi? In e, yanka. In a'a, haɗa su, ka sa alamar 1 da 2 a kan hoton. Ka gwada a wayoyi biyu ko uku na shagonka, Tecno da Infinix da Samsung, kafin ka yanke hukunci. Wannan kaɗai ne wurin da nake yarda taɓawa biyu su zauna a shafi ɗaya.

Akwai kuskure na ɗaya gefen kuma, wato yanka abu har ya zama gari. "Buɗe wayarka", "nemo WhatsApp", waɗannan ba sa buƙatar shafi ga mutumin da yake tura saƙon murya ɗari a rana. In ka fara da irin su, zai ji kamar ka raina shi, ya riƙa jan shafuka da sauri, kuma da wannan saurin zai wuce matakin da yake da muhimmanci. Ka fara daga inda saninsa ya ƙare.

Yanzu abin da ke cikin kowane shafin mataki. Abu uku ne, kuma na ukun shi ne wanda kusan kowa yake mantawa. Na farko umarni, jumla ɗaya mai fara da aikatau: taɓa, rubuta, zaɓi. Na biyu hoton allon kafin a taɓa, da da'ira ɗaya a kan wurin da yatsa zai sauka. Na uku alamar cewa an yi daidai, wato ɗan layi a ƙasa mai cewa ga abin da za ka gani. Misali shafin mataki na uku: a sama "Mataki na 3 cikin 8", a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe "Taɓa `Two-step verification`", sai hoton allon `Account` da da'ira a kan layin, sai a ƙasa "Za ka ga shafi mai maɓallin `Turn on`." Shi ke nan, babu ƙari. Wannan layin na ƙasa shi ne yake maye gurbinka. Da kana tsaye kusa da shi, da ya taɓa sai ka ce "yauwa", ya samu natsuwa ya ci gaba. Da yake ba ka nan, layin ne yake cewa yauwa.

Daga nan wata ƙa'ida take fitowa da za ka iya duba aikinka da ita kai kaɗai: abin da shafi ya ce za a gani, shi ne hoton shafin da ke binsa. Ƙarshen na uku shi ne farkon na huɗu. Ka jera shafukan a kan allon kwamfuta ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk inda hoton gaba bai yi daidai da alkawarin baya ba, akwai matakin da ka tsallake don ka saba da shi.

Sunan maɓalli ka rubuta shi yadda yake a allo, harafi da harafi. Umarninka da Hausa, amma kada ka fassara `Account` ka ce "asusu", domin wayar yawancin mutanenmu da Turanci take, kuma wanda ba ya jin Turanci sosai siffar kalmar yake nema da ido, yana gwada ta da ta hotonka. In ka fassara, ka ƙwace masa abin gwadawa. WhatsApp kuma yakan sauya sunaye daga wannan sabuntawa zuwa waccan. Maɓallin da yanzu ake gani `Turn on` a da `Enable` ne, kuma wasu har yau shi suke gani. Ka sa wannan a layin ƙasa na shafin da abin ya shafa, a taƙaice, ka kuma rubuta wata da shekarar da ka ɗauki hotunan a shafin ƙarshe.

Maganar hoton allo tana buƙatar ɗan tsayawa. In ka sa allon waya gaba ɗaya a cikin shafi, rubutun zai ƙanƙance har ba a iya karantawa, domin waya ce a cikin waya. In kuma ka yanko maɓallin kaɗai, mutum ba zai san ko a sama yake ko a ƙasa ba. Tsakiya ake bi: ka yanko kamar rabin allon, ka bar sunan shafin da ke sama da layi biyu na maƙwabta, don ido ya samu abin kamawa. Da'ira ɗaya, launi ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Da ka ga kana buƙatar da'ira ta biyu a shafin da ba na ɗigo ukun nan ba, to shafin yana gaya maka a raba shi. Kuma kada ka ɗauki hoton da wayar kwastoma. Ko da taka ce, ka rufe sunaye da lambobin mutane da ke allon farko, don hoton zai je inda ba ka zata ba.

Mataki na biyar, inda ake rubuta lamba shida, shi ne zuciyar darasinka, kuma yana da tarko biyu. Na farko, kada ka nuna lambar misali. In ka rubuta 123456 a hoto, akwai waɗanda ita za su sa, don sun ɗauka ita ce umarnin. Ka bar gurbin a rufe da ɗigo. Na biyu, zaɓen lamba tunani ne, rubuta ta kuma aikin yatsa ne, abu biyu ke nan. Mutumin da ya isa wannan allon bai shirya ba zai sa shekarar haihuwarsa ko ƙarshen lambar wayarsa don ya wuce, ko ya ƙirƙiro wata ya manta kafin la'asar. Saboda haka zaɓen lamba ya koma shafin shiri, tun kafin a taɓa komai: "Zaɓi lamba shida da ba ranar haihuwarka ba, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Ka tanadi imel da kake iya buɗewa." Gargaɗi ma haka yake, wurinsa kafin aiki ne. A matakin imel akwai `Skip`, kuma da yawa za su taɓa shi. Wanda ya tsallake imel ya zo ya manta lambarsa, sai ya jira kwana bakwai kafin ya iya sake saita ta. Wannan maganar a kan shafin imel ɗin za ta zauna, sama da hoton. In ka kai ta shafin ƙarshe, mai karatu zai same ta bayan ya riga ya tsallake.

Akwai abin da na san zai ja ka, domin shi ne ainihin abin da ke damunka: ka bayyana musu yadda ɓarayin suke yi, yadda suke kira su ce an turo maka lamba shida ta saƙon tes, ka karanto musu. Gaskiya ne, kuma dole mutane su san bambancin lambar da ake turowa da wadda mutum ya zaɓa wa kansa. Amma kada ka cusa shi tsakanin mataki na huɗu da na biyar. Mutumin da ke tsakiyar aiki, in ka tsayar da shi da bayani, zaren ya tsinke. Layi ɗaya a shafin ƙarshe ya isa, "Kada ka faɗa wa kowa wannan lambar, ko wadda aka turo maka ta tes", cikakken labarin kuwa ya tafi rubutun da ke ƙasan hotuna, ko ka yi masa nasa jerin daban.

Masu iPhone fa? Su ba su da ɗigo ukun nan, hanyar shigarsu tana ƙasan allo. Kada ka raba shafi biyu ka ce hagu Android dama iPhone, domin ka koma aiki biyu a shafi ɗaya ta ƙofar baya. Ka rubuta "Na masu Android" a bango, ka yi wa masu iPhone nasu daga baya. Ai ka fi ni sanin wace waya ce ta fi yawa a hannun 'yan kasuwarmu.

Game da yawan shafuka, lissafa: bango ɗaya, shafin shiri ɗaya, matakai takwas, shafin tabbatarwa ɗaya. Goma sha ɗaya. Lokacin da Instagram ya kawo wannan tsarin a 2017 iyakarsa hoto goma ne, a 2024 aka ƙara zuwa ashirin, don haka wuri ba matsala ba ne. Kuma mutum ba ya gajiya da yawan shafi in kowanne yana ɗaukarsa daƙiƙa kaɗan kuma yana ganin yana ci gaba. Abin da ke sa shi ajiye waya shi ne shafi ɗaya da ya karanta sau uku bai gane ba. Iyakar da nake bi ni kaina ita ce, in matakai suka haura goma sha biyu, sai in duba ko darasi biyu ne na haɗa. Kusan kullum haka ne.

Bangon ya faɗi abin da mutum zai samu da yawan matakan: "Kulle WhatsApp ɗinka da lambar sirri, mataki 8". Shafi na biyu kuma ka sake sa sunan darasin a samansa. Shugaban Instagram, Adam Mosseri, ya taɓa bayyana cewa in mutum ya ga jerin hotuna bai ja ba, sau da yawa sukan sake nuna masa, amma daga hoto na biyu. Ke nan akwai wanda shafin shirinka ne zai zama bango a wurinsa, bai kamata ya tarar da "tanadi imel" ba tare da sanin na mene ne ba.

Lambar mataki kuwa ka rubuta ta da kanka a kan kowane hoto, da ɗan sunan darasin a gefe. Dalili biyu. Lambar da Instagram yake nunawa a kusurwa ta shafi ce, ba ta mataki ba, mataki na ɗaya a wurinka shafi na uku ne a wurinsa. Sannan kai ma ka san yawancin mutanenmu ba a Instagram za su gani ba. Wani zai ɗauki hotunan ya zuba a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa ko na masallacin unguwa, su isa a hargitse, wani ma ya ɓace a hanya. In kowane hoto yana ɗauke da "Mataki na 6 cikin 8", mai karɓa zai iya jera su, zai kuma san in ɗaya ya ɓata. Haka in an kira ka, tambayarka ɗaya ce: wane mataki kake?

Ɓangaren zane ba shi da yawa. Faɗi fiksel 1080, tsawo fiksel 1350, duk shafuka girma ɗaya. Ka zana shafi ɗaya ka kwafe shi, yadda lambar mataki da umarni da hoto za su zauna a wuri ɗaya a kowane shafi, ido ba ya sake nema. Ni ba na sa rubutu ƙasa da fiksel arba'in, umarnin kuma kusan ninki biyu na haka, kuma ina barin fili kamar fiksel tamanin a kowane gefe. Abu ɗaya da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa: salon harafi da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Za ka rubuta "taɓa" ka ga ɓ ɗin ta fito da wata siffa dabam ko ta zama akwati. Kafin ka zaɓi salo ka rubuta "ƙarshe, ɗigo, taɓa" ka duba da kyau. Noto Sans yana da su duka. Lokacin fitar da hotunan ka sa musu suna 01, 02, 03, don wayar ta jera su daidai, kuma ka duba jerin sau biyu kafin ka saki, domin in kuskure ya fita a hoto, ba ka da hanyar musanya shi da gyararre sai ka sake sakin duka.

Saura gwaji, wanda in ka bar shi duk abin da na faɗa zato ne. Ka nemo mutum ɗaya cikin irin masu kiran nan naka, kada ka ɗauki yaron shagonka. Ka tura masa hotunan a wayarsa, ka ce ya yi, kai kuma ka kama bakinka. Shirun shi ne mai wuya, don hannunka zai yi ta son kai masa ɗauki. Ka kalli yatsansa kawai. In ya koma shafin baya, akwai abin da ya ɓace tsakanin biyun. In ya fita ya dawo sau biyu a kan shafi ɗaya, shafin yana ɗauke da aiki biyu. In ya ce "ina yake?", ka matse hoton da yawa. In ya yi daidai amma ya ɗago ya kalle ka, layin alamar bai gamsar da shi ba.

Na taɓa yin wannan gwajin da wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12, a kan darasi irin naka. Ya bi matakai biyar lafiya. Da wayar ta ce ya sake rubuta lambar, sai ya tsaya ya ce, "Ta ƙi karɓa." Allon ya yi kama da wanda ya bari, sai ya ɗauka ya yi kuskure an dawo da shi, har ya fara tunanin wata lambar dabam. Ni kuma a zanena na haɗa rubutawa da sake rubutawa a shafi ɗaya, don a ganina abu ɗaya ne. Na koma na raba su, na sa a ƙasan na biyar "Za ta sake tambayarka, ba kuskure ka yi ba", na shida kuma ya ce "Sake rubuta lambar nan dai". Na kawo wani maƙwabcinsa ya gwada, ya wuce wurin bai ko tsaya ba.

Shafinka na goma sha ɗaya ya nuna hoton allon da ke cewa an kunna, don mutum ya gwada da nasa, sai layin gargaɗin nan, sai ka sanar da shi cewa WhatsApp zai riƙa tambayarsa lambar lokaci zuwa lokaci don kada ya manta. In ba ka faɗa ba, ranar da tambayar ta fito zai ɗauka ɓarayi ne, kuma kai zai kira. Lambar shagonka da adireshinka su zauna a ƙasan wannan shafin kaɗai, ban da shafukan matakai. In ka sake zanen, turo min shafi na biyu da na bakwai da na takwas in duba kafin ka saki.